CRISPR-Cas9: yadda ake yanka ADN da yadda ƙwayar jiki ke ɗinke shi

A Filinge da sauran garuruwan Kurfai, kamar ko'ina a Nijar, an san cutar amosanin jini, wadda wasu ke kira emasi ko sikila. Iyalan da ciwon ya tsananta wa ɗansu sukan kama hanyar Yamai, tafiyar kilomita wajen 180, zuwa cibiyar ƙasa mai kula da wannan cuta. A ƙarshen shekarar 2023, Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani nata mai suna Casgevy, wanda shi ne magani na farko da aka yarda da shi daga fasahar CRISPR-Cas9. Sau da yawa ana kwatanta fasahar da almakashi. Kwatancen ya yi daidai, amma rabin aikin kawai ya bayyana. Almakashin yanka kaɗai yake yi, canjin da ake nema kuwa yana fitowa ne daga yadda ƙwayar jiki ke ɗinke wurin da aka yanka.

Rubutun da ake yankawa

Jikin mutum ya ginu ne da ƙananan ƙwayoyi, kuma kusan kowane irinsu yana ɗauke da ADN, wanda a Najeriya ake kira DNA. Dogon zare ne mai tufka biyu, an rubuta shi da haruffa huɗu: A, T, G da C. Igiyoyin biyu suna riƙe juna bisa ƙa'ida ɗaya: A na kama T, G na kama C. Saboda haka in aka san abin da ke rubuce a igiya ɗaya, an san na ɗayar. Rubutun ɗan Adam ya kai haruffa wajen biliyan 3, kuma a cikinsa ne ake da sassan da ake kira ƙwayoyin gado, waɗanda ke faɗa wa jiki irin furotin da zai ƙera.

Amosanin jini ya samo asali daga sauyin harafi ɗaya tak a ƙwayar gado ta hemogilobin, furotin da ke ɗaukar iska a jini: inda ya kamata a karanta GAG, sai ya zama GTG. Hemogilobin da aka ƙera da wannan kuskure yana dunƙulewa in iska ta ragu, sai jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi.

Almakashi da jagora

Kayan aikin biyu ne. Na farko shi ne Cas9, furotin mai yanka ADN, wanda aka samo daga wata bakteriya mai suna Streptococcus pyogenes. Bakteriyar na amfani da shi wajen datse ADN na ƙwayoyin cutar da ke kai mata hari. Na biyu shi ne jagora, ɗan gajeren zare na ARN, wato RNA, ɗan'uwan ADN mai igiya ɗaya, wanda ke sa harafin U a gurbin T. Tsawon jagorar haruffa ne wajen 100. Yawancinsu suna naɗewa su riƙe Cas9, haruffa 20 na gaba kuma su ne adireshin wurin da za a yanka.

A shekarar 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna, tare da abokan aikinsu, suka nuna cewa in aka sauya waɗannan haruffa 20, Cas9 zai je duk inda aka aike shi. Wannan aikin ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2020.

Yadda ake gano wurin

Cas9 ba ya kwance tufkar ADN daga farko har ƙarshe yana karantawa. Yana ta cin karo da zaren nan da can, yana neman wata ƴar alama mai haruffa uku da ake kira PAM: kowane harafi, sai GG. In babu wannan alama, ko da haruffa 20 sun dace gaba ɗaya, wucewa yake yi. In ya same ta, sai ya ɗan warware tufkar a gefenta, jagora ta fara gwada haruffanta da na igiya ɗaya, tana farawa daga wajen alamar tana yin baya.

Haruffa 10 zuwa 12 na kusa da PAM su ne masu yanke hukunci. In ɗaya daga cikinsu bai dace ba, galibi Cas9 kan saki ya ƙara gaba. In sun dace, warwarar ta ci gaba har ƙarshen haruffa 20, sai furotin ɗin ya sauya tsayuwa, wuƙaƙensa biyu su kama aiki. Ɗaya, mai suna HNH, na yanka igiyar da jagora ta kama, ɗayar, RuvC, na yanka abokiyarta. Yankan yana faɗowa ne haruffa uku kafin PAM, zaren ya rabu gida biyu.

Misalin amosanin jini

Casgevy ba ya taɓa kuskuren GTG. Wata hanya ya bi. Jariri a ciki yana da irin nasa hemogilobin, na ɗan tayi, wanda ba ya dunƙulewa. Shi ya sa yaro mai amosanin jini yakan yi watanninsa na farko lafiya, sai wajen wata shida ciwo ya fara bayyana. Wani furotin mai suna BCL11A ne ke kashe ƙera hemogilobin ɗan tayi bayan haihuwa. Shi kansa BCL11A, a cikin ƙwayoyin da ke zama jajayen jini, sai an kunna shi, kuma makunninsa wani ɗan yanki ne na ADN inda furotin GATA1 ke zama. Ga haruffa 20 da ake aika Cas9 gare su a wannan makunni, da alamar PAM a ƙarshe:

```
CTAACAGTTGCTTTTAT | CAC  AGG
```

AGG ita ce PAM. In aka ƙidaya haruffa uku baya, wato CAC, an iso inda sandar take, nan ne wuƙa ke sauka. Mazaunin GATA1 shi ne TTATCA, kuma yankan ya ratsa ta cikinsa. In mazaunin ya lalace, BCL11A ya yi rauni a ƙwayoyin jini, sai hemogilobin ɗan tayi ya dawo. Sauran gaɓoɓin da ke buƙatar BCL11A, kamar ƙwaƙwalwa, ba a taɓa su ba.

Ɗinki na farko: haɗa baki da baki

Karyewar igiya biyu lokaci guda babban haɗari ne ga ƙwaya, don haka ba ta jinkiri. Wasu furotin da ake kira Ku suna zuwa su rufe bakunan biyu kamar zobe, wasu su daidaita su, sannan wani mai liƙi ya haɗa. Masana na kiran wannan hanya NHEJ. Sau da yawa ɗinkin yakan fito daidai, ba a rasa ko harafi ɗaya ba. Amma in haka ta faru, adireshin yana nan yadda yake, sai Cas9 ya sake yankawa. Haka za a yi ta yi har a samu ɗinkin da ya zubar da ƴan haruffa ko ya ƙara ɗaya. Daga nan jagora ba ta ƙara gane wurin, canjin ya tabbata.

A misalinmu, wata ƙwaya za ta rasa harafi biyu, wata goma sha wani abu, wata ta ƙara harafi guda. Ba wanda ya zaɓi ko wanne. Bambancin bai dami likita ba, tunda lalata mazaunin GATA1 ake so, kuma yawancin waɗannan tabo sun isa su lalata shi.

Ɗinki na biyu: kwafa daga samfuri

Hanya ta biyu, HDR, tana gyara a tsanake. Ƙwaya na ɗan zare bakin kowace igiya, ta nemi wani zare mai rubutu iri ɗaya, ta kwafi abin da ya ɓata. In masu bincike suka shigar da samfurin ADN mai ɗauke da GAG, ƙwaya na iya kwafarsa ta gyara GTG. Sai dai wannan hanya tana aiki ne kawai lokacin da ƙwaya ke shirin rabuwa biyu, alhali ƙwayoyin asali na ɓargo, waɗanda ke haifar jini tsawon rai, yawanci a kwance suke. A cikinsu ɗinkin gaggawa ne ke rinjaye. Akwai kuma haɗari: in aka yanka ƙwayar gado ta hemogilobin, ɗinkin gaggawa ya riga samfuri, za a iya kashe ta ɗungurungum. Dalilin da ya sa maganin farko ya zaɓi lalata makunni ke nan, bai nemi gyara harafi ba.

Abin da kan lalace, da yadda ake ganewa

Matsala ta farko ita ce yanka a inda ba a aika ba. Cas9 na iya haƙuri da harafi ɗaya ko biyu da ba su dace ba, musamman a can nesa da PAM. Don rage wannan, ana shigar da Cas9 a matsayin furotin da aka riga aka haɗa da jagora, ta hanyar ɗan bugun lantarki mai buɗe fatar ƙwaya na ɗan lokaci. Furotin ɗin na narkewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ba ya daɗewa yana yawo. Kafin nan ana lissafa wuraren da suka yi kama da adireshin, bayan yanka kuma a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Tunda rubutun mutane ya ɗan bambanta, kuma mutanen Afirka ne suka fi kowa yawan bambanci, wani na iya samun wuri mai kama da adireshin wanda babu shi a rubutun da aka yi lissafi da shi.

Matsala ta biyu tana wurin da aka nufa. Wani lokaci ɗinkin kan zubar da dubban haruffa. Gwajin da ke karanta ɗan gajeren yanki ba ya ganin irin wannan, sai an karanta dogon zango.

Auna nasara kuwa ƙidaya ce. Ana karanta wurin yankan sau dubbai, a ga kashi nawa ne ke da tabo. A gwajin farko na wannan magani an samu wajen kashi 80 cikin 100. Daga baya a auna hemogilobin ɗan tayi a jinin majinyaci, wanda ya kai wajen kashi 40.

Sakamako da iyaka

Victoria Gray, ƴar jihar Misisipi, ita ce mai amosanin jini ta farko da aka yi wa wannan magani a Amurka, a watan Yuli na 2019. A bayanan da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, 29 daga cikin majinyata 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba.

Ana yin yankan ne a wajen jiki. Sai an ɗebo ƙwayoyin asali daga jinin majinyaci, a gyara su a ɗakin bincike, a share tsohon ɓargonsa da magani mai ƙarfi, busulfan, sannan a mayar da su. Busulfan na iya hana haihuwa, kuma majinyaci kan yi makonni a asibiti kafin sabon jini ya kama. An amince da maganin ne a 2023 ga masu shekara 12 zuwa sama, a kan dala miliyan 2.2 a Amurka, wato sama da sefa biliyan ɗaya.

Gyaran bai wuce ƙwayoyin jini ba. Wanda aka yi wa maganin yana nan da GTG a maniyyinsa ko ƙwayayen haihuwarta, kuma zai gadar da shi ga ƴaƴansa. Lissafin gado bai canja ba: in miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, kuma gwajin jini kafin aure ne ke nuna wannan.