CRISPR: Yadda ake zaɓen RNA jagora don maganin sikila, da haɗarin yanka a inda ba a nufa ba

A watan Nuwamba na 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da Casgevy, magani na farko da aka gina a kan fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR, kuma ta Amurka, FDA, ta bi sahu ranar 8 ga Disamba. An yi shi ne don cutar sikila, wadda ake ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a Najeriya. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, saboda haka ba abu ne da iyali a Birnin Tsaba ko Shinkafi za su samu nan kusa ba. Sai dai tambaya mafi nauyi da aka yi kan amincinsa ta shafi mutanen Afirka kai tsaye, kuma tushenta wani ɗan zare ne mai haruffa 20.

CRISPR kayan aiki ne guda biyu. Akwai furotin Cas9 mai yanka DNA, sai RNA jagora mai nuna masa wurin yankan. An rubuta DNA da haruffa huɗu, A, C, G da T, kuma jagorar tana ɗauke da jerin haruffa 20 da suka dace da wurin da ake nufi. Cas9 ba ya ko tsayawa ya gwada wuri sai ya ga wata gajeriyar alama da ake kira PAM daf da shi, wato kowane harafi guda sannan G biyu. Idan alamar tana nan kuma haruffan sun dace, sai ya datse zaren, haruffa uku kafin alamar.

A lissafi haruffa 20 sun isa su keɓe wuri guda. Ana iya jera su ta hanyoyi sama da tiriliyan ɗaya, alhali kundin gadon ɗan Adam haruffa kusan biliyan uku ne. Matsalar ita ce Cas9 ba mai tsantseni ba ne. Yakan yanka wurin da ya saɓa wa jagorar da harafi ɗaya, biyu, uku, wani lokaci fiye. Inda saɓanin ya faɗa yana da tasiri: haruffa 10 zuwa 12 na kusa da PAM su ne ake tantancewa da tsauri, na can nesa kuwa ana yawan kau musu da kai. Don haka wurin da ya bambanta da haruffa uku a ƙarshen nesa na iya fin wanda ya bambanta da ɗaya kusa da alamar haɗari.

Mai tsara jagora yana tsakanin buƙatu biyu masu jan juna. Yana son mai kamawa da ƙarfi, domin in ƙwayoyin da aka gyara ba su yi yawa ba majiyyaci ba zai amfana ba. Amma ƙarfin kamun shi ne ke sa a jure wa saɓani. Dabarun rage ɓarna duk suna da farashi. A 2014 aka nuna cewa gajarta jagora zuwa haruffa 17 ko 18 na rage yankan kuskure, sannan a 2016 aka fito da nau'o'in Cas9 masu tsantseni irin su SpCas9-HF1, sai dai da wasu jagororin kaifinsu a wurin da ake so ma yakan ragu. Dabara ta uku ita ce taƙaita lokaci: a saka furotin da jagorarsa a haɗe cikin ƙwayoyin, su yi aiki su narke cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan hanyar Casgevy ya bi.

Kuskuren da ke haddasa sikila harafi ɗaya ne a ƙwayar gado HBB. Yanka a nan na da wahala, domin maƙwabciyarta HBD ta yi kama da ita ƙwarai, kuma tun 2013 aka ga wasu jagororin HBB suna yanka ta. Casgevy bai taɓa HBB ba. Ya nufi wani makunni da ke kunna BCL11A, ƙwayar gadon da ke kashe himogulobin na jarirai bayan haihuwa. In aka lalata makunnin a ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, wannan himogulobin ya dawo, kuma yana hana jajayen ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje. Ga jerin da jagorar ke nema, da alamarsa a ƙarshe:

```
CTAACAGTTGCTTTTATCAC AGG
```

Bakwai kawai cikin haruffa 20 ne G ko C, kashi 35 cikin ɗari, ƙasa da kashi 40 zuwa 60 da aka saba ba da shawara. An zaɓe ta duk da haka, domin yankanta yana faɗawa cikin TTATC, daidai mazaunin furotin GATA1 mai kunna makunnin. Wurin da ciwo ya tilasta shi ke rage zaɓi, kuma sau da yawa jagorori kaɗan ne ke isa can.

Ana neman wuraren haɗari ta hanya biyu. Manhaja irin Cas-OFFinder tana tace kundin gado ta fito da wurare masu kama, sannan gwajin ɗakin bincike irin GUIDE-seq ya nuna inda aka yanka a zahiri. Daga nan a karanta waɗannan wurare a ƙwayoyin da aka gyara. Shaidar yankan kuskure ita ce 'yan haruffa da suka ɓace ko suka ƙaru, waɗanda babu su a ƙwayoyin da ba a taɓa ba.

Raunin hanyar farko shi ne kundin da ake tacewa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kundin ma'auni na duniya daga mutum ɗaya ya fito, alhali kowane mutum ya bambanta da shi a wurare miliyan huɗu zuwa biyar, kuma 'yan Afirka ne suka fi yawan bambanci. A ƙarshen 2022 masu bincike da suka ƙirƙiro manhajar CRISPRme suka sake tace wannan jagora tare da bambance-bambancen al'ummomi. Suka gano wani wuri a cikin ƙwayar gado CPS1 da ya saɓa wa jagorar da haruffa uku. A kundin ma'auni ba shi da PAM, don haka Cas9 ke wuce shi. Amma sauyin harafi guda mai lamba rs114518452 yana samar da alamar, kuma yana cikin kusan kashi 4.5 cikin ɗari na kwafin gadon masu tushen Afirka. Tunda kowa na da kwafi biyu, kusan mutum ɗaya ke nan cikin 11 ko 12.

Da aka gwada a ƙwayoyin ɓargon wani mai wannan sauyi, Cas9 ya yanka kwafin da ke da shi. Kuma da yake CPS1 da BCL11A duk suna kan kuromosom na 2, a wasu ƙwayoyin yankin da ke tsakanin yanka biyun ya juye baibai kafin ya haɗe. Nau'in Cas9 mai tsantseni ya rage wannan matuƙa. Gwajin ɗakin bincike ne, bai nuna cuta a jikin majiyyaci ba, amma batun yankan kuskure shi ya mamaye zaman kwamitin masu ba FDA shawara ranar 31 ga Oktoba 2023. An auna shi da amfanin da aka gani: 29 cikin majiyyata 31 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Aka amince da maganin, takardarsa ta bayyana cewa ba a kawar da yiwuwar yankan kuskure saboda bambancin gado ba, kuma ana bin majiyyata har shekara 15.

Adadin kashi 4.5 na masu tushen Afirka ne a dunƙule, ba na wata ƙabila ba. Shirin 1000 Genomes, ɗaya daga cikin rumbunan da ake dogara da su wajen irin wannan tacewa, ya ɗauki samfuri a Najeriya daga Yarbawan Ibadan da mutanen Esan. Babu Hausawa ko Fulani a cikinsa. Ga yaro mai sikila daga Zurmi ko Ƙaura Namoda, abin da zai warware shakka shi ne a karanta DNA ɗinsa shi kansa a wuraren da ake zargi, CPS1 a sahun gaba, kafin a saka Cas9 cikin ƙwayoyin ɓargonsa.