Magudanar Ƙasa

magudanar ƙasa (suna, mace, jam'i: magudanan ƙasa). Ramin da ake bari a daɓen banɗaki ko ɗakin wanki, a rufe shi da rariya, don ruwan da ya zube ya bi ta nan. Ƙarƙashinsa akwai lanƙwasasshen bututu mai riƙe ruwa, zurfin santimita 5 zuwa 10. Wannan ɗan ruwan shi ke tare warin lambatu da kyankyasai, kada su hauro ɗaki.

Matsalarta ita ce bushewa. In an daɗe ba a zuba mata ruwa ba, kamar a banɗakin baƙi, sai ruwan ya ƙafe, musamman da hunturu, lokacin busasshiyar iska. Alamar kuwa wari ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ko da an wanke ɗakin tas. Galibi sai a ɗora wa masai laifi, alhali ba ruwansa.

Maganin dindindin shi ne na'urar ciko: ƙaramin bawul da ake haɗawa da bututun ruwan sanyi. Duk lokacin da aka buɗe famfo a kusa, ƙarfin ruwa ya sauka, sai ta ɗiga kaɗan cikin lanƙwasar. Amma in datti ya toshe ta, aikinta ya tsaya. Inda babu ita, a riƙa zuba ruwa lita guda duk mako biyu.

Misali: "Zuba ruwa a magudanar ƙasa, warin zai tafi."