Yadda gwajin juriyar jari ya samo asali daga faɗuwar kasuwar 1987

Tun bayan da bankin Silicon Valley ya durƙushe a Maris 2023 ake ta muhawara a kan amfanin gwajin juriya, wato a ɗauki jarin da mutum ko banki ke riƙe da shi yau, a ɗora masa irin faɗuwar da kasuwa ta taɓa yi a baya, a ga nawa zai saura. Masu suka na cewa aikin baban giwa ne, tunda masifar gobe ba ta zuwa da kamannin ta jiya. Masu kare shi kuma galibi suna danganta asalinsa da 2009, lokacin da babban bankin Amurka ya gwada manyan bankuna 19 ya ce goma daga cikinsu suna bukatar ƙarin jari na kimanin dala biliyan 75. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi kuskuren tarihi. Gwajin ya girmi 2009 da shekara ashirin, kuma abin da ya haife shi ne ke nuna iyakar abin da zai iya yi.

Tsoffin 'yan kasuwa sun daɗe suna tambayar kansu me zai faru in faɗuwar kasuwar 1929 ta dawo, amma wannan zancen baki ne. Daga 1952, da Harry Markowitz ya fito da ka'idarsa ta rarraba jari, sai auna haɗari ya koma lissafin yadda farashi ya saba hawa da sauka. Ana nan a haka har ranar Litinin 19 ga Oktoba 1987, ranar da ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari kafin a tashi kasuwa. Bisa lissafin da aka saba yi, irin wannan rana ba ta kamata ta faru ba ko sau ɗaya a tsawon zamani, amma ga ta ta faru, kuma dillalai suka yi ta fafutukar neman kuɗin cike jingina kafin wayewar gari. Shekara ɗaya bayan haka kasuwar Chicago Mercantile Exchange ta fito da tsarin SPAN, wanda ke gwada abin da ɗan kasuwa ke riƙe da shi a yanayi 16 daban-daban, ya ɗauki mafi muni ya mai da shi kuɗin jinginar da za a ajiye.

Za a iya cewa ai abin da ya mamaye shekarun 1990 shi ne ma'aunin VaR, wanda bankin J.P. Morgan ya baza wa duniya a 1994 da sunan RiskMetrics. Gaskiya ne, sai dai VaR yana faɗin asarar da ba a sa ran wucewa a kwana 99 cikin ɗari ne, ya yi shiru a kan kwana ɗayan da ya rage. Masu sa ido sun san da wannan giɓi. Da kwamitin Basel ya amince a 1996 bankuna su riƙa auna haɗarin kasuwa da lissafinsu na cikin gida, sai ya gindaya sharaɗin gwajin juriya, har ya kawo misalan lokutan da za a gwada: faɗuwar 1987, rikicin canjin kuɗin Turai na 1992 da 1993, da faɗuwar takardun lamuni a farkon 1994. Wannan jeri shi ne kakan duk jerin da ake amfani da shi yau, kuma 1987 ce a kan gaba.

Aikin kansa ba shi da wuya. A ce mutum yana da dala 100,000, ya zuba 60,000 a hannun jarin manyan kamfanonin Amurka na ma'aunin S&P 500, sauran 40,000 kuma a takardun lamuni masu inganci. A 2008 hannun jarin ya faɗi da kimanin kashi 37, wato asarar 22,200, takardun kuwa sun ƙaru da kimanin kashi 5, ribar 2,000, saboda haka asararsa ta tsaya a 20,200. A 2022 hannun jarin ya faɗi da kashi 18, takardun da kashi 13, jimillar asara 16,000. A wurin wannan mutum 2008 ce shekarar tsoro. To a juya rabon, irin na ɗan fansho mai gudun haɗari: 20,000 a hannun jari, 80,000 a takardun lamuni. A 2008 zai rasa 3,400 kacal, amma a 2022 zai rasa 14,000, fiye da ninki huɗu. Wanda ya yi masa gwaji a 2021 da jerin 1987, 2008 da Maris 2020 zai ce masa ya kwanta ya yi barci, domin babu shekarar hauhawar farashi da tashin kuɗin ruwa a jerin. Da an leƙa shekarun 1970 da an ga alama, sai dai an daɗe da ɗaukarsu tsohon labari.

Ko a cikin rikici ɗaya ma, inda aka yanka kwanakin yana canza amsa. Kashi 37 ɗin nan lissafin Janairu zuwa Disamba ne. In aka auna daga ƙololuwar Oktoba 2007 zuwa gindin Maris 2009, farashin ya faɗi da kusan kashi 57. Wanda ya ci bashin rabin kuɗin da ya sayi hannun jari, jarinsa zai ƙare tun kafin a kai gindi, dillali ya sayar da kayansa ko yana so ko ba ya so, farfaɗowar da ta biyo baya kuma ba da shi ba. Masu hannun jari a Najeriya sun ga wannan da idonsu, lokacin da kasuwar Legas ta rasa kusan kashi biyu bisa uku na darajarta tsakanin Maris 2008 da farkon 2009, bashin sayen hannun jari ya nutsar da masu ci da bankunan da suka bayar.

Hujja mafi ƙarfi da masu suka ke da ita ita ce ta kamfanin Long-Term Capital Management, wanda ya tara ƙwararrun lissafi, har da masu lambar Nobel biyu, amma ya yi asarar kimanin dala biliyan 4.6 a 1998, mafi yawa bayan Rasha ta ƙi biyan bashinta a watan Agusta. Cinikin da suke ganin babu abin da ya haɗa su duk suka faɗi tare, domin masu riƙe da irinsu mutane ɗaya ne, kuma kowa ya nufi ƙofa lokaci guda. Jadawalin tsofaffin farashi ba ya nuna wannan cunkoso. Yana ɗauka cewa za ka samu mai saye a farashin da ke rubuce, alhali in kai ne babba a kasuwar, sayarwarka ce ke ƙara karya farashin. Na yarda da wannan suka, amma ba ta rushe gwajin ba. Abin da ta nuna shi ne adadin da gwajin ya bayar mafi ƙarancin abin da za a shirya wa ne, kuma kuskuren masu amfani da shi shi ne kiransa asara mafi muni.

Fifikon gwajin tarihi a kan yanayin da aka ƙirƙira a ofis ɗaya ne, kuma babba ne: babu shugaban da zai ce abin ba zai yiwu ba, tunda ya riga ya faru, kuma yadda hannun jari da kuɗin ruwa da canji suka motsa tare a ranar ba zaton kowa ba ne. Shi ya sa bayan 2008 kwamitin Basel ya ƙara riƙe tarihi maimakon ya sake shi, ya umarci bankuna a 2009 su ƙara lissafin VaR bisa watanni 12 a jere na tsananin rikici, waɗanda suka dace da irin jarin da bankin ke riƙe da shi. Wannan sharaɗi na dacewa shi ne ya kamata muhawarar yau ta tsaya a kai. Bankin Silicon Valley ya tara dogayen takardun lamuni da kuɗin ajiyar da masu shi za su iya kwashewa a kowane lokaci, kuma sun nemi cire dala biliyan 42 a ranar 9 ga Maris 2023. Shekarar da ta dace a gwada irin wannan banki da ita ita ce 1994, kuma tana cikin jerin Basel tun 1996.