Lissafin ka a minti goman farko na darasi: yadda ake tsara shi

Lissafin ka shi ne warware lissafi a ƙwaƙwalwa ba tare da rubuta matakai ba, irin wanda ɗan kasuwa ke yi sa'ad da yake ba da canji. Ware masa farkon darasi ya shahara ne a Ingila, inda tsarin koyar da lissafi na shekarar 1999 ya tanadi minti biyar zuwa goma domin wannan aiki a makarantun firamare. Tsarin ba ya buƙatar littafi ko wutar lantarki, don haka malamin firamare a Achilafiya, cikin ƙaramar hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure, zai iya gudanar da shi da alli da allo kawai.

Ƙa'idar farko ita ce a ɗauki dabara guda a yi mako ana horo a kanta. Idan aka gwama tarawa da ɗebewa da rabawa a zama ɗaya, aikin ya koma jarrabawa, kuma malami ba zai gane inda yaro ya yi tuntuɓe ba.

Rabon lokaci

Ana raba mintunan gida uku. Minti biyu na farko na ƙirga ne da baki, gaba da baya. Minti biyar na tsakiya na tambayoyi ne, biyar ko shida, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Bayan kowace tambaya malami zai yi shiru na kamar daƙiƙa goma, kowane yaro ya rubuta amsa kaɗai a ƙaramin allonsa ko bayan littafinsa, sannan a ɗaga gaba ɗaya. Minti uku na ƙarshe kuwa yara biyu ne za su faɗi hanyar da suka bi.

Ɗaga allo shi ne ginshiƙin tsarin. A aji mai cunkoso, amsawa da murya ɗaya tana ruɗar malami, domin yara kaɗan ne ke yin lissafin, sauran amshi kawai suke yi.

Misali: canjin naira 1,000

A ɗauka malamin aji huɗu yana son koyar da dabarar cikawa, wato a ƙirga daga kuɗin kaya zuwa kuɗin da aka miƙa. Zai fara da ƙirga hamsin-hamsin daga 500 zuwa 1,000, a dawo. Sai tambayoyi: nawa ya rage 70 ta cika 100? 75 fa? 65 fa? Daga nan ya ce: "An aike ka sayen manja na naira 650, ka ba da 1,000. Nawa ne canjinka?"

Hanyar tana da zango biyu. Daga 650 zuwa 700 hamsin ne, daga 700 zuwa 1,000 ɗari uku ne, canji ya kama naira 350.

Amsar da ya kamata malami ya sa wa ido ita ce 450. Yaron da ya rubuta ta ba cinta ya yi ba. Ya cika 600 zuwa 1,000 ya sami 400, ya cika 50 zuwa 100 ya sami 50, ya haɗa su, bai lura cewa hamsin ɗin nan ta riga ta kai shi 700 ba. Alamar wannan kuskure ita ce amsa ta zarce da ɗari cif, kuma yaron ne zai ce 100 a ɗebe 65 saura 45. Maganinsa a sa shi ya tara 650 da 450 da kansa. Da ya ga 1,100, ya san mai shago ya yi asarar naira ɗari. Wanda ya rubuta 1,650 kuwa tambayar ce bai fahimta ba, ya tara maimakon ya ɗebe, sai a maimaita masa labarin da kuɗin takarda na wasa.

Idan wajen kashi ɗaya cikin uku na alluna suka nuna 450, kada a ci gaba. Washegari a koma cikon 100 da lambobin da ke ƙarewa da biyar, kamar 35 da 85, har amsoshi su daidaita. Idan kusan kowa ya dace, sai a matsa zuwa kuɗi irin su 385, masu buƙatar zango biyu ko uku: 15 zuwa 400, ko kuma 5 da 10, sannan 600, jimla 615.

Iyakokinsa

Ba a fara sabon darasi a wannan lokaci. Horo ne a kan abin da aka riga aka koyar. Ba gasar sauri ba ce, domin yaba wa wanda ya riga kowa yana sa masu jinkiri su daina gwadawa. Haka nan idan bayani ya zarce minti goma, ya ci lokacin babban darasi.

Uba ko uwa na iya auna sakamakon a gida ko a shago. A tambayi yaro canjin naira 1,000 bayan sayayyar 650, sannan a ce masa: "Ta yaya ka samu?" Idan ya ambaci 700 a hanyarsa, dabarar ta zauna.