Yadda Ake Mayar da Shekara ko Lambar Babi Zuwa Lambobin Rumawa

Duk mai bin diddigin tarihi a cikin takardun boko ba zai rasa cin karo da lambobin Rumawa ba. Da su ake bambanta sarakuna masu suna ɗaya, kamar Sarkin Musulmi Abubakar III, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Haka kuma da su aka jera babobi takwas na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, inda Babi na IV ya ƙunshi 'yancin ɗan Adam.

Haruffa bakwai ne kacal ake aiki da su: I ɗaya, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M kuma dubu. Ana fara rubuta babba, ƙarami ya biyo baya, sannan a tara su. Don haka VIII na nufin biyar da uku, wato takwas. Amma idan ƙarami ya gabaci babba, to ɗebe shi ake yi. A ƙa'idar yau wuri shida kaɗai aka yarda da wannan ɗebewa: IV (4), IX (9), XL (40), XC (90), CD (400) da CM (900). Sannan ba a jera harafi ɗaya fiye da sau uku, V da L da D kuwa ba a maimaita su sam.

Hanyar da ba ta ɓatar da mutum ita ce a rarraba shekara gida-gida, a juya kowane gida shi kaɗai, sannan a haɗa. Mu ɗauki 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Dubu ɗaya M ce. Ɗari takwas ɗari biyar ce da ɗari uku, wato DCCC. Gidan gomomi babu kome, sai a tsallake shi, domin Rumawa ba su da alamar sifiri. Huɗu kuma IV ce. Idan aka haɗa sai a sami MDCCCIV. Ta wannan hanya 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, za ta zama MCMIII, 1960 kuma MCMLX.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen neman gajeriyar hanya. Sau da yawa yaro kan rubuta 1999 da MIM, yana nufin dubu biyu ba ɗaya. Wannan bai halatta ba, domin ba a ɗebe I sai daga V ko X. Daidai shi ne M, sai CM, sai XC, sai IX, wato MCMXCIX. Haka Babi na 49 ba IL ba ne, XLIX ne. Malami na iya gane kuskure idan ya yanka amsar gida-gida: in wani yanki ya haɗiye gidaje biyu a lokaci ɗaya, to an kauce.

Sai dai ya kamata a sani cewa wannan ƙa'ida ba ta daidaita ba sai a baya-bayan nan. Su kansu Rumawa ba su tsananta a kanta ba. A babban dandalin wasanni na birnin Rum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, an sassaƙa lambar ƙofa ta 44 da XLIIII, wato an ɗebe a gidan gomomi amma an tara a gidan ɗaiɗai. Har a Landan, a jikin ginin Admiralty Arch, an rubuta 1910 da MDCCCCX maimakon MCMX. Agogunan bango da yawa ma IIII suke ɗauke da ita a gurbin ƙarfe huɗu. Saboda haka wanda ya ga irin wannan a tsohon littafi kada ya gyara. Ya kwafe yadda ya gani, ya sa alƙaluman yau a gefe.

Dattawan da suka yi karatun zaure za su ga kama tsakanin wannan da ramzi, wanda malamanmu ke rufe waƙoƙin ajami da shi don nuna shekarar da aka yi su. Bambancin shi ne, a ramzi tara darajar haruffa kawai ake yi, babu ɗebewa, kuma shekarar Hijiriyya ce. Shekarar da aka buga da lambobin Rumawa a littattafan Turawa kuwa ta Miladiyya ce.

A ƙarshe, wannan tsari yana da iyaka. Tun da ba a jera M fiye da uku, lamba mafi girma da za a iya rubutawa da haruffan nan bakwai ita ce 3999, wato MMMCMXCIX. Wannan, da kuma rashin sifiri, na cikin dalilan da suka sa 'yan kasuwa da masana lissafi na Turai suka koma ga alƙaluman da suka samo ta hannun Larabawa, aka bar wa na Rumawa aikin jera babobi, da sunayen sarakuna, da shekarun da ake sassaƙawa a jikin gine-gine.