Shege, Ɗan Iska da Allah Ya Isa: Ɓarnar Fassarar Kalma da Kalma a Fagen Zagi

An daɗe ana tsokanar Katsinawa da cewa ashar ba ta yi musu nauyi a baki. Ko zancen ya yi daidai, ko an ƙara masa gishiri, akwai abin nazari a cikinsa. Direban da ke lodi a tashar Kankiya, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, zai iya tarbar abokinsa da kalmar da in Bakano ya ji an jefe shi da ita sai ya tuɓe riga, alhali su biyun dariya suke yi suna tafawa. Harshe ɗaya ne, kalma ɗaya ce, amma nauyinta ya sauya tun ba a bar ƙasar Hausa ba. To ina ga an ɗauke ta an kai ta Turanci ko Larabci? Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne, zagi aiki ne da ake yi wa mutum da baki, ba labari ba ne da ake ba shi. Mai fassara kalma da kalma yakan kwashi ma'anar da ke cikin ƙamus ya bar aikin a baya, shi ya sa abin da yake fitarwa yakan zama ko shirme ko cin mutuncin da mai magana bai nufa ba.

Shirmen ya fi sauƙin ganewa, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Wanda aka ce wa ɗan iska, in aka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, Bature zai ji an kira shi ɗan da iska ta haifa, har ya zaci kirari ne na mai gudu. Uwar da ta ce wa ɗanta zai ci ubansa in bai dawo da wuri ba, duka ko faɗa take nufi, ba ta kawo mijinta a rai ba, balle cin nama. Dalilin shirmen shi ne yawan amfani ya riga ya kashe hoton da ke cikin kalmomin. Bahaushe ba ya ganin iska in ya ji ɗan iska, ɗan banza marar kunya yake gani. Fassarar kai tsaye ita ke tayar da mataccen hoton ta ajiye shi a gaban baƙo, shi kuwa ba shi da abin da zai kama sai shi. Haka abin ya faru ta ɗaya ɓangaren a watan Janairun 2018, lokacin da aka ruwaito Shugaba Donald Trump ya siffanta Haiti da ƙasashen Afirka da kalmar da zahirinta ramin kashi ne. Kafofin labarai na duniya sun yi ta kokawa da ita. Kamfanin dillancin labarai na Taiwan ya kauce wa zahirin, ya ɗauko karin maganar mutanensa, ya ce ƙasashen da tsuntsu ba ya yin ƙwai. Mai karatu a can ya gane ana nufin wulaƙantaccen wuri, ko da yake ƙazantar bakin ta ragu ƙwarai.

Cin mutuncin da ba a nufa ba shi ne ya fi haɗari, kuma tushensa ya fi zurfi. Kowace al'umma tana haƙo zaginta ne daga abin da ta fi karewa. Bahaushe ya fi kare iyaye da asali, saboda haka mafi munin asharsa a kan uwa da uba take sauka. Kunyar abin ce ma ta sa aka ƙirƙiro sassauci irin su buhun uba da jar uba, don a huce haushi ba tare da an furta ainihin kalmar ba. Mai kallon finafinan Indiya ya sha jin ana cewa sala cikin faɗa. Ma'anar kalmar a Hindi ɗan'uwan matar mutum ce, kuma zafinta yana cikin habaicin cewa mai maganar ya san 'yar'uwarka. A Hausa ƙanin matarka abokin wasanka ne. Da masu juya waɗannan finafinai zuwa Hausa a Kano za su sa jarumi ya daka wa mugu tsawa ya ce masa ƙanin matata, da 'yan kallo sun ɗauka an sauya labarin. Kare kuwa akasin haka ne. Bature yakan kira abokinsa kare mai sa'a cikin raha, amma babu rahar da za ta sa dattijo a ƙasar Hausa ya yarda a kira shi kare.

Sai batun wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa, abin da ƙamus ba ya iya ɗauka, ko da irin na Bargery ne na 1934 mai yawan misalai. Tsakanin Bakatsine da Banufe, ko Bakano da Bazazzagi, ko Bafillace da Babarbare, akwai wasan barkwanci da ke halatta kalmomi irin su bawana. Haka tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai. In aka rubuta wa baƙo cewa wani ɗan kasuwa ya kira abokin cinikinsa bawa a bainar jama'a, ba tare da an faɗi dangantakarsu ba, an yi masa ƙarya da kalmomin gaskiya. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna Edinson Cavani lokacin da yake Manchester United. A watan Nuwamban 2020 ya gode wa wani abokinsa a Instagram da kalmar Sifaniyanci mai ma'anar ɗan baƙi, wadda a ƙasarsu Uruguay ake faɗa wa na kusa don ƙauna. Hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da shi wasa uku, ta ci shi tarar fam 100,000, duk da ta yarda bai yi nufin wariya ba. Cibiyar kula da harshe ta Uruguay ta fito ta yi tir da hukuncin. Kalmar ta bar bakin aboki ta faɗa kunnen al'ummar da tarihinta ya ɗora wa launin fata wani nauyi dabam.

Inda abin ya fi damuna shi ne kotu, domin a can kuskuren tafinta yana iya zama hukunci. A ƙaddara rigima ta tashi a wani ƙauye lokacin kaka, shanu sun shiga gonar dawa kafin a kwashe amfani. Mai gona ya ce wa makiyayi: “Kai shege, yau sai na ci ubanka.” Makiyayi ya ce: “Allah ya isa tsakanina da kai.” Aka yi dambe, aka kai magana gaban majistare, inda shaidu ke magana da Hausa ana rubuta bayani da Turanci.

Tafintan da ya bi zahiri zai yi ɓarna uku a layi biyu. Cin uba zai fito ko dai a matsayin zancen da ba shi da kai, ko kuma barazana ga ran mahaifin makiyayi, mutumin da ba ya wurin kuma ba shi aka nufa ba. Barazanar gaskiya, wato dukan da aka yi wa makiyayin alkawari, ta ɓace daga takarda, alhali ita ce shaidar da ke nuna wanda ya fara neman faɗa. Allah ya isa kuma zai fito kamar zikiri, kamar mutumin ya sallama ya ce Allah ya wadatar. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ba haka ba ne. Kai ƙara ce gaban Ubangiji da ƙin yafewa, maganar da kan hana mutum barci, musamman in daga bakin uwa ta fito. Mai karanta takardar zai ga mutum ɗaya yana sambatu, ɗaya yana addu'a, ya kasa gane abin da ya kawo dambe.

Shege ita ce mafi wuya, kuma a kanta ya kamata a tsaya. Fuska uku gare ta a bakin mutane. Akwai ta yabo, kamar yadda ake cewa shegen yaro ya iya ƙwallo, ko shegiyar mota ga gudu. Akwai ta haushi, wadda ba ta wuce ɗan banza ba. Akwai kuma ta asali, wato kore wa mutum uba. Wannan ta ukun ba ƙaramar magana ba ce. Aya ta huɗu a Suratun Nur ta yanka bulala tamanin ga mai ƙazafi, kuma duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya kore wa mutum nasabarsa yana jawo haddi, har ma da yin hakan ta hanyar shaguɓe. Turanci yana da kalmar da ƙamus ke bayarwa a madadin shege, amma a Ingila ta yau ta zama zagin gama-gari da ba ya sa kowa tunanin auren iyayen wani. Saboda haka kuskuren yana iya zuwa ta kowane gefe. In mai gona haushi kawai ya yi, aka juya maganarsa zuwa Larabci da lafazin ɗan zina, an ɗora masa laifin da bai aikata ba. In kuwa da gaske ya nufi asalin makiyayin, domin akwai tsohon tsegumi a gari da kowa ya sani, aka juya ta zuwa waccan kalmar Turanci da ta riga ta sassauta, an tauye wa wanda aka ci wa mutunci haƙƙinsa.

Ta yaya za a gane wacce ce? Ba daga kalmar ba. Sai an tambayi shaida abin da ya zo kafinta da abin da ya biyo baya. Wanda ya ce shege ya wuce zuwa zancen dawarsa da aka cinye, haushi ne. Wanda ya ce shege ya ƙara da “je ka tambayi uwarka wane ne ubanka”, ya fito da nufinsa fili. Sai a tambaya ko akwai wasa tsakaninsu, a gaban wa aka faɗa, kuma me mutanen wurin suka yi da suka ji, dariya ko salati. A tambaya ko an haɗa da daƙuwa, domin tafin hannu a buɗe da yatsu biyar a ware, wanda baƙo zai ɗauka gaisuwa ce ko alamar a tsaya, zagin uwa ne cikakke a nan, kuma ba ya shiga takarda sai an siffanta shi.

Akwai masu cewa aikin tafinta ya faɗi abin da aka faɗa kawai, fassara nufi ta alƙali ce, kuma da zarar an ba tafinta damar zaɓen ma'ana an ba shi damar karkata shari'a. Wannan tsoro yana da tushe, ban raina shi ba. Sai dai fassarar zahiri ita ma zaɓi ce, tunda ta ɗauki fuska ɗaya daga cikin uku ta miƙa wa alƙali a matsayin ita kaɗai ce. Abin da na ga ya fi aminci a kotu shi ne a rubuta kalmar da Hausarta yadda ta fito daga baki, a biyo ta da zahirinta, sannan tafinta ya bayyana ma'anonin da take ɗauka a yankin, alƙali ya yi wa shaida tambayoyin da za su raba su. Mai juya fim ba ya buƙatar wannan dogon aiki, shi abin da ke gabansa ya nemo zagin Hausa mai zafi daidai da na asali, kada ya fi shi, kada ya gaza. Shi kuwa tafintan kotu akwai wata matsala da ke jiransa wadda ba ta ƙamus ba ce: kunya. Da wuya matashi ya iya maimaita ashar a gaban alƙali da dattawa, sai ya ce “ya zage shi” ya yi shiru. Dattijon shaida ma haka zai yi, ya ce maganar ba ta faɗuwa. A irin wannan hali ya kamata kotu ta ba da dama a rubuta kalmar a takarda a miƙa, ko a rage jama'a a ɗakin kafin a furta ta, domin a shari'ar ƙazafi lafazin da aka yi amfani da shi shi ne abin da ake hukunci a kansa.