Yaro mai saurin fahimta: a zurfafa masa aiki, kada a tula masa

Ya mai karatu, wataƙila kana da ɗa ko ɗiya da ke riga sauran ƴan aji gama aiki a lakwal. Sau da yawa malami yakan ƙara wa irin wannan yaro lissafi 20 irin waɗanda ya riga ya iya. Wannan ƙari ba ya koya masa sabon abu. Yaron yakan ɗauke shi tamkar horo, har ya koyi jan jiki don kada a ƙara masa. Alamun haka su ne surutu cikin aji, da rubutun gaggawa, da kuskure a kan abin da ya sani sarai.

Abin da ya fi amfani shi ne a musanya masa aikin. Da farko a gwada shi da lissafi 3 mafi wuya cikin darasin. Idan ya same su daidai, kuma ya bayyana da bakinsa yadda ya yi, to ya gane, ba hadda ba ce. Sai a ɗauke masa sauran, a ba shi tambaya guda mai buƙatar tunani.

Ga misalin da za ka iya yi a gida da kuɗin ƙarfe na sefa. Ka ce wa ɗiyarka: "Ta hanya nawa za a haɗa dala 10 da ƴan dala 1, da dala 2, da dala 5?" Da farko za ta yi ta lalube. Kada ka faɗa mata amsa. Ka tambaye ta kawai: "Ƙaƙa za ki tabbata ba ki tsallake wata hanya ba?"

A nan ne za ta koyi tsari. Idan ta sa dala 5 sau biyu, hanya 1 ce. Idan ta sa dala 5 sau ɗaya, saura dala 5, kuma hanyoyin cika ta 3 ne. Idan ba ta sa dala 5 ko ɗaya ba, hanyoyi 6 ne. Jimla hanyoyi 10 ke nan. Bayan haka, ka sa ta ƙirƙiro tata tambayar, ta ba ka ka warware.

Sai dai a kula da abu biyu. Idan yarinya ta daɗe ba ta sami ko hanya guda ba, tambayar ta yi mata nauyi. Ka rage ta zuwa dala 5. Sannan kada malami ya mai da ita mataimakiyarsa kullum, domin mai maimaita wa wasu darasi ba ya samun lokacin nasa karatu.

Idan ka je lakwal, ka tafi da takardar da ta rubuta hanyoyin nan 10. Ka nuna wa malaminta, ku shawarta aikin da za a ɗauke mata da wanda za a sa a madadinsa.